siARN ya rage manzo sosai, let-7 kuma kaɗan: gwajin ne ya lalace?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a nan Yamai, ina aikin masta kan wani jen a selul HeLa. Na sa ma selul siARN na jen ɗin, wasu kuma na sa musu mimik na let-7a, kowane 50 nM, na jira awa 48. A qPCR, Ct na jen ɗina da na GAPDH sun fito haka: shaida 22,0 da 18,0, siARN 24,6 da 18,1, let-7a 22,6 da 18,1. TargetScan ya nuna gurbin let-7 guda ɗaya a 3'UTR. Gwajin let-7 ɗin ne ya lalace, ko kuwa ba ya taɓa jen ɗin? Kuma ta yaya zan tabbatar?"

Barka kadai, ƴata. Mu fara da lissafin, don kowa ya ga abin da ke gabanmu. Ct shi ne yawan zagayen PCR da ake yi kafin na'ura ta hango ARN manzon jen, kuma idan ya ƙaru manzon ya ragu ke nan. A kowane samfuri ki ɗebe Ct na GAPDH, jen ɗin ma'auni, daga na jen ɗinki, sannan ki ɗebe sakamakon shaida, wato selul ɗin da ake kwatanta sauran da su, daga na sauran.

```
shaida : ΔCt = 22,0 − 18,0 = 4,0
siARN  : ΔCt = 24,6 − 18,1 = 6,5   ΔΔCt = 2,5   2^−2,5 = 0,18
let-7a : ΔCt = 22,6 − 18,1 = 4,5   ΔΔCt = 0,5   2^−0,5 = 0,71
```

Ke nan siARN ya rage ARN manzo da kusan kashi 82 cikin ɗari, let-7a kuma da kusan kashi 29. Da wani ya tambaye ni tun kafin ki fara abin da nake zato daga mikro-ARN irin let-7 mai gurbi ɗaya tak a 3'UTR, wato yankin ƙarshen manzo da ba a fassarawa zuwa furotin, da adadin da zan faɗa bai wuce wannan ba. Saboda haka babu alamar lalacewa a nan. Sai dai kashi 29 ɗin bai tabbatar da komai ba tukuna, domin rabin zagaye na PCR ne kawai, kuma hannun da ya ɗan karkace wurin ɗiba da pipet yana iya kawo rabin zagaye. Abu biyu ne ke gabanki: ki gane dalilin da ya sa adadin biyu suka bambanta haka, sannan ki raba ƙaramin ragi na gaskiya da wanda kuskuren awo ya kawo.

Ma'aikaci ɗaya, aiki iri biyu

Abin da ya kan ruɗa ɗalibai shi ne ɗaukar siARN da mikro-ARN, wato miARN, tamkar abubuwa biyu masu injin daban. A cikin selul ɗinki dukansu gajeren zare ne mai haruffa 21 ko 22, kuma dukansu furotin ɗaya suke shiga, wato Argonot. Zaren shi kaɗai ba ya iya komai. Jagora ne, shi ke nuna ma Argonot wane manzo zai kama. Abin da zai faru bayan kamun ya dogara ga tsawon wurin da jagoran ya dace da manzon.

Asalinsu dai ya bambanta. miARN daga jen na selul ɗin kanta yake fitowa, a matsayin dogon ARN da ya naɗe kansa. Anzim Dorosha ya yanke shi a cibiyar selul ya bar guntu mai haruffa kamar 60 zuwa 70, a fitar da shi waje, wani anzim, Daisa, ya sake yankewa ya bar tagwayen zare gajeru. siARN na asali kuwa daga dogon ARN mai zare biyu yake fitowa, irin wanda Andrew Fire da Craig Mello suka yi aiki da shi a tsutsar C. elegans a 1998. Wanda kika saya ya tsallake duk waɗannan matakai, tun da an ƙera shi a gajerensa. Thomas Tuschl da abokan aikinsa ne suka nuna a 2001 cewa gajeren zare mai haruffa 21 yana aiki a selul na dabbobi masu shayarwa, inda dogon zaren ke tayar da faɗan garkuwar selul. Mimik ɗinki na let-7a ma haka yake, tagwayen zare ne da aka ƙera don ya kwaikwayi let-7a na selul. Argonot yana riƙe zare ɗaya ya yar da ɗayan, kuma galibi yana zaɓar wanda bakinsa na 5' bai manne da ƙarfi ba.

Idan jagoran ya dace da manzon daga farko har ƙarshe, kamar yadda ake tsara siARN, Argonot na biyu, wanda za ki gani a rubuce AGO2, yana yanke manzon a tsaka, daidai tsakanin haruffan da ke fuskantar harafi na 10 da na 11 na jagoran. A cikin Argonot huɗu na mutum, shi ne mai wannan yankan da gaske. Guntayen biyu ba su da kariya a bakin da aka yanke, sai anzim masu cin ARN su cinye su. AGO2 ya saki, ya tafi ga manzo na gaba. Ma'aikaci ɗaya yana iya kashe manzanni da yawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa siARN mai kyau ke kai kashi 80 ko 90.

miARN na dabbobi ba ya dacewa haka. Abin da yake kamawa da shi ɗan yanki ne daga harafi na 2 zuwa na 8, wanda zan kira tsaba. Ga yadda let-7a ke zama a kan gurbinsa mafi ƙarfi:

```
manzo   5'-..............CUACCUCA-3'
                         |||||||
let-7a  3'-UUGAUAUGUUGGAUGAUGGAGU-5'
```

Harafin A na ƙarshe a jikin manzon ba da jagoran yake haɗuwa ba, wani ɗan aljihu ne a jikin Argonot ke riƙe shi, kuma yana ƙara ma gurbin ƙarfi. Ki koma TargetScan ki duba abin da aka rubuta gaban gurbinki. Idan 8mer ne, shi ne wannan da na zana. 7mer-m8 ba shi da A ɗin, 7mer-A1 yana da A amma ya rasa dacewar harafi na 8, kuma ƙarfinsu yana raguwa bi da bi.

Tun da tsakiyar jagoran ba ta dace ba, wuƙar AGO2 ba ta samun wurin aiki. Sai Argonot ya zauna a kan manzon ya kira wani furotin, TNRC6, shi kuma ya jawo gungun anzim, babbansu CCR4-NOT, su riƙa cin jelar A da ke ƙarshen manzon kaɗan kaɗan. In jelar ta gajarta, a cire hular da ke bakin 5', sannan XRN1 ya cinye sauran. A tsakanin nan ribozom ma suna rage hawa manzon. Bambancin kamar na mai sare igiya da wuƙa ne da mai warware ta daga baki: dukansu za su raba ki da igiyar, amma ba a lokaci ɗaya ba. Kuma kada ki manta selul tana ci gaba da ƙera sabon manzo. Abin da qPCR ke aunawa shi ne inda ƙira da ci suka daidaita. Gurbi ɗaya yana ɗan gaggauta cin ne kawai, sai ma'aunin ya sauka da kashi 20, 30, wani lokaci ƙasa da haka.

Ƴan uwanmu masu aiki kan gero, dawa da wake za su ce ba haka suke gani ba, kuma suna da gaskiya. A tsirrai miARN kan dace da manzonsa kusan gaba ɗaya, yana kuma yankewa kamar siARN. Kada ki auna sakamakonki da nasu.

Akwai wani abu a tsarin gwajinki da ke ƙara danne adadin. HeLa tana da nata let-7 mai yawa tun kafin ki zo. Idan gurbin na gaske ne, to an riga an zauna a kansa, kuma abin da kika kira shaida manzo ne da aka riga aka rage. Kin ƙara let-7 a inda yake da yawa, ba mamaki ribar ta zama kaɗan. A irin wannan selul tambayar da ta fi amfani ita ce: in na ɗauke let-7, manzon zai tashi? Zan dawo kan wannan.

Kafin ki gina komai a kan rabin zagaye

Abu na farko, maimaici na gaske. Ramuka uku a farantin qPCR daga ARN ɗaya suna auna hannunki ne kawai. Abin da ake so shi ne shuka selul daban, taransfeksiyon daban, wato shigar da zaren cikin selul, ciro ARN daban, aƙalla sau uku a ranaku daban. Idan ΔΔCt ya fito 0,4, 0,6, 0,5, akwai magana. Idan ya fito 0,5, 0,0, 0,9, babu tukuna. A cikin samfuri ɗaya kuma, ramukan da suka bambanta da fiye da 0,3 ba za su iya ɗaukar nauyin tambayar rabin zagaye ba.

Na biyu, ma'aunin da kike raba komai da shi. GAPDH ɗinki ya tsaya 18,0 da 18,1, alama ce mai kyau. Duk da haka ina son ki ƙara na biyu, kamar HPRT1 ko TBP. let-7 yana rage saurin rabuwar selul, kuma selul da ta rage gudu tana iya sauya yawan manzannin da muke ɗauka tsayayyu. Lissafin 2^−ΔΔCt ma yana ɗauka cewa kowane zagaye yana ninka abin biyu cif. Ki tsinka cDNA ɗinki mataki mataki ki ga ko amors ɗinki, gajerun zaren da PCR ke farawa da su, suna aiki tsakanin kashi 90 da 110. In ba haka ba, 0,71 ɗin ba 0,71 ba ne.

Na uku, shaidar kanta. Ba selul da ba a taɓa ba ake gwadawa da su. Shaida ta gaskiya ta sha mai ɗin taransfeksiyon daidai wa daida, ta kuma karɓi zaren da bai dace da kowane manzo ba, a 50 nM ɗin nan. Ki ƙara shaida mai tabbatar da cewa mimik ɗin ya shiga ya yi aiki. Ga let-7 akwai wadda aka sani sarai: HMGA2, wanda 3'UTR ɗinsa ke ɗauke da gurabun let-7 da yawa. Idan HMGA2 ya sauka a samfurin da jen ɗinki ya ɗan motsa, mimik ɗin lafiya lau yake. Amors biyu kawai zai ci miki. Na fi yarda da wannan a kan auna let-7a kansa bayan taransfeksiyon, domin awon zai nuna miki ya ƙaru ninki ɗari ko fiye, alhali yawancinsa yana maƙale cikin ƴan jakunkunan selul ko cikin man, bai taɓa shiga Argonot ba.

Sai furotin. Ki yi westan bulot a awa 48 da 72. A selul irin naki mafi yawan aikin miARN yana bayyana a raguwar manzo, don haka kada ki sa ran manzo ya sauka da kashi 29 furotin kuma ya ɓace. Furotin mai daɗewa ma yana iya nuna kamar ba abin da ya faru a awa 48, ko da a samfurin siARN, saboda tsohon da aka ƙera kafin ki zo bai ƙare ba. Samfurin siARN ɗinki zai yi miki wani amfani a nan: layin da ya dushe a cikinsa shi ne furotin ɗinki, sauran layukan da antikor ya kama ba naki ba ne.

Gwajin lusiferas, mataki mataki

Ko ragin ya tabbata sau uku, bai nuna let-7 ne ya zauna a kan manzonki ba. let-7 yana taɓa ɗaruruwan manzanni. Yana iya rage wani furotin mai kunna jen ɗinki, jen ɗin ya sauka ta bayan gida. Kasancewar gurbin a TargetScan ma ba hujja ba ce. Jerin haruffa bakwai yana faɗowa da kansa sau ɗaya a cikin 16.384, wato 4 sau kanta har bakwai. Ki tara 3'UTR na dubban jen, da yawansu sun haura haruffa dubu, za ki samu gurabu birjik da sa'a ce kawai ta ajiye su.

Hanyar rarrabewa ita ce a ciro 3'UTR ɗin daga jen ɗinsa a liƙa shi bayan wani jen da let-7 ba ruwansa da shi, mai ba da haske, wato lusiferas. Ki ninka yankin da PCR. In 3'UTR ɗin bai yi tsawo ainun ba ki ɗauke shi duka, in ya yi tsawo ki ɗauki haruffa ɗari biyu zuwa ɗari biyar da gurbin a tsakiya. Wasu suna liƙa haruffa ashirin ko talatin kawai, ko su jera gurbin sau uku don adadin ya yi kyau. Ban ɗauki wannan hujja ba, domin naɗewar manzon da haruffan da ke kewaye su ke sa gurbi ya buɗe ko ya rufe.

Pilasmid ɗin yana ɗauke da lusiferas biyu, ɗaya mai 3'UTR ɗinki, ɗaya na awo. A nan ki kula sosai: a psiCHECK-2 Renilla ne ke ɗauke da 3'UTR, na ƙwaron nan mai walƙiya da dare, wanda na'ura ke rubutawa firefly, shi ne na awo. A pmirGLO akasin haka ne. Na ga rahoton ɗalibi da ya nuna miARN yana ƙara haske, ashe an juya rabon ne.

Za ki ƙera pilasmid biyu. Na farko da gurbin yadda Allah ya yi shi. Na biyu iri ɗaya ne harafi da harafi, sai dai kin sauya uku a tsakiyar wurin da tsaba ke kamawa:

```
na asali   5'-...CTACCTCA...-3'
sauyayye   5'-...CTAGGACA...-3'
```

Ki tura duka biyun a karanta jerinsu kafin ki taɓa selul, ki kuma duba ko sauyin bai ƙirƙiri gurbin wani miARN da HeLa ke da shi ba. Sannan a faranti mai ramuka 24, selul sun rufe kamar kashi 70 na ƙasan ramin, ki sa pilasmid nanogiram 50 zuwa 100 a kowane rami tare da mimik ko zaren shaida. Pilasmid in ya yi yawa, manzon lusiferas zai rinjayi Argonot ɗin da ke akwai, ragin ya ɓace. Haɗi huɗu ke nan: na asali da shaida, na asali da let-7a, sauyayye da shaida, sauyayye da let-7a. Bayan awa 24 zuwa 48 ki fasa selul ki auna hasken biyu, ki raba na 3'UTR da na awo, ki mai da shaidar kowane pilasmid 1,0.

A ce na asali ya ba da 0,65, sauyayye 0,97. Wannan shi ne abin da ake nema: haruffa uku kika taɓa, ragin ya tafi. A ce kuma na asali 0,65, sauyayye 0,70. To ragin ba ta wannan gurbin yake bi ba. Ko akwai wani gurbin a yankin da ba ki lura da shi ba, ko mimik ɗin yana taɓa ɗaya daga cikin lusiferas ɗin ta wata hanya. Pilasmid wanda ba a liƙa masa komai ba shi zai raba gardamar. Kuma kullum ki dubi ɗanyen adadin kowane haske kafin rabo. In hasken awo ya faɗi da rabi a ramukan let-7a, selul ne ke mutuwa ko suka daina rabuwa, rabon kuma ba abin dogaro ba ne.

Akwai wata riba da HeLa za ta ba ki kyauta. Ki gwada na asali da sauyayye a ramukan shaida, inda ba ki ƙara let-7 ba. Idan sauyayyen ya fi haske, let-7 na selul ɗin kanta ne ke danne na asalin. A wurina wannan ya fi sakamakon mimik nauyi, domin ya faru a yawan let-7 da selul ke rayuwa da shi. 50 nM na mimik ya wuce abin da selul ta saba gani nesa ba kusa ba, kuma a wannan yawan har gurbin da ba ya aiki a zahiri yana iya amsawa. Ki sauka zuwa 10 nM, har 1 nM, ki ga ko ragin yana bin yawan a hankali.

Daga nan sai ɗauke let-7 da na ambata. Ana sa zare ɗaya mai kama miARN ya hana shi aiki, a duba ko manzonki da furotin ɗinsa sun tashi. Tarkon da ke nan shi ne let-7 dangi ne, let-7a, let-7b, let-7c da sauransu, kuma tsabarsu ɗaya. In kin toshe let-7a kaɗai, ƴan uwansa za su ci gaba da zama a gurbin, ki ce ba abin da ya faru. Ki nemi mai toshe dangin duka, ki sake sa ido kan HMGA2: in bai tashi ba, toshewar ce ba ta kama ba.

Lusiferas yana nuna gurbin yana iya aiki a pilasmid. Toshewa tana nuna let-7 na selul yana da hannu a yawan manzon. In an haɗa su biyu, hujja ce mai kyau ga aikin masta. Hujjar da ta fi su ita ce a sauya haruffan gurbin a cikin jen ɗin selul kanta da CRISPR a ga manzon ya tashi, ko a kamo Argonot a ga manzon a hannunsa. Wannan aikin dakta ne, ba na watannin da suka rage miki ba. A rubutunki ki faɗi abin da kika nuna a HeLa, kada ki miƙa shi zuwa hanta ko ƙwaƙwalwa.

Kashi 82 ɗin ma yana da nasa tarko

Na lura hankalinki ya kwanta da siARN, to a nan ne ni nawa bai kwanta ba. Jagoran siARN ma yana da harafi na 2 zuwa na 8, kuma Argonot bai san sunan da ke jikin kwalbar ba. Yayin da yake yanke manzonki, yana kuma zama a kan duk 3'UTR da ya dace da tsabarsa, yana rage su kaɗan kaɗan kamar miARN. BLAST ba ya nuna miki wannan, domin dogon dacewa yake nema. Saboda haka in kin ga selul sun daina rabuwa bayan siARN, ba ki san ko rashin jen ɗinki ne ko raunin wasu hamsin ba.

Maganin farko shi ne rage yawa. Yanka yana aiki a ƙaramin yawa, kamun tsaba kuwa yana ƙaruwa da yawan zaren. siARN mai kyau yakan ba da kusan ragin nan a 5 ko 10 nM, sai ki tsaya a mafi ƙanƙantar da ya ishe ki. Na biyu, siARN biyu ko uku masu kama wurare daban a manzon. Tsabarsu daban, ɓarnarsu ta gefe daban, abin da suka haɗu a kai shi ne na jen ɗinki. Na uku, wata shaida mai wayo da ake kira C911: zaren nan naki ne, an sauya harafi na 9, na 10 da na 11 kawai. Ba ya iya yanka, amma tsabarsa tana nan. Duk abin da ya ci gaba da faruwa da shi ba daga jen ɗinki yake ba. Mafi ƙarfi kuma shi ne mayar da jen ɗin ta pilasmid wanda aka sauya haruffan wurin kamun ba tare da sauya furotin ba. In selul sun koma daidai, magana ta ƙare. Ki kuma auna IFIT1 ko OAS1, jen da faɗan garkuwar selul ke kunnawa, sau ɗaya. In sun yi tsalle, selul ta ɗauki zarenki ƙwayar cuta ce, kuma rabin abin da kike gani faɗan intaferon ne.

Inda amors ɗinki suka zauna ma yana sauya adadin. Bayan AGO2 ya yanke, guntun da ke ɗauke da jelar A yana iya ɗan jimawa. In kin yi cDNA da oligo-dT kuma amors ɗin suna kan wannan guntun, za ki ƙidaya gawa a cikin masu rai, ragin ya fito ƙasa da gaskiyarsa. Amors da suka sa wurin yankan a tsakaninsu su ne suka fi faɗin gaskiya.

Abin da zafin Yamai ke ƙarawa

Ƙaramin ragi ba ya jure sakaci, kuma garinmu ba ya yafe shi. ARN da ya fara lalacewa yana lalacewa ba daidai ba tsakanin samfuri da samfuri, nan take rabin zagayenki ya nutse. Abin da na saba shi ne a ciro ARN a mai da shi cDNA a yinin, tun da cDNA ya fi jure ɗaukewar wuta. Wanda za a ajiye a raba shi ƙananan kwalabe, kada a narkar da guda sau biyu. Awon A260/A280 kusa da 2,0 yana nuna tsabta ne kawai, ARN da ya farfashe ma yana ba da shi. Ki zuba kaɗan a jel ki ga layukan 28S da 18S a tsaye. Lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, a rufe kwalabe, a yawaita sauya safar hannu.

Man taransfeksiyon a firigo yake zama, ba a daskarar da shi, kuma wanda ya sha zafi a hanyar zuwa yana iya rasa ƙarfi ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Duk sabuwar kwalba ki fara gwada ta da siARN ɗin nan naki da kika san yana ba da kashi 82. Lusiferas na ƙwaro kuma ba ya son zafi, haskensa yana sauyawa da ɗumin ɗakin. In na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya a watan Afrilu kina tsakiyar awo, ramukan farko da na ƙarshe ba a yanayi ɗaya aka auna su ba. Ki auna da sassafe, ki bar ruwan awon ya daidaita da ɗakin, kuma ki cakuɗa jerin ramukan, kada duk shaida su zo farko duk let-7a su zo ƙarshe.

In za ki auna let-7 na HeLa kanta, ki duba kayan ciro ARN ɗinki tukuna. Yawancin masu ƴar matata na yau da kullum suna zubar da duk abin da bai kai haruffa 200 ba, miARN na ciki. TRIzol ko kayan da aka yi don ƙananan ARN za ki nema, kuma zaren haruffa 22 ya yi gajarta ga amors na kullum, sai da amors mai lanƙwasa ko a ƙara masa jela kafin a mai da shi cDNA.

Da kuɗin ɗaliba, ga jerin da zan bi. Wannan mako ki sayi amors na HMGA2 da na ma'auni na biyu ki gwada su a kan cDNA ɗin da ke hannunki, ba sai kin shuka komai ba. In HMGA2 ya sauka, ki maimaita taransfeksiyon sau biyu a 10 nM tare da mai toshe dangin let-7. Sai in jen ɗinki ya sauka da mimik ya kuma tashi da toshewa za ki kashe kuɗi kan pilasmid biyun.